Idan Dila Ya Ƙara Kuɗin Kaya: Yadda Ake Cewa A'a Ba Tare Da An Ɓata Ba

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin da ya biyo baya, ƙaramin ɗan kasuwa ya saba da wani irin saƙo daga wurin dilansa: “Daga Litinin kaya sun tashi.” Yawanci ɗayan biyu ake yi. Wani ya haɗiye, ya biya, ya koma gida yana ƙorafi. Wani kuma ya fusata ya sauya dila, sai bayan wata biyu ya gane cewa sabon ba ya ba da bashi, kuma ranar da kaya suka yi wuya tsofaffin abokan cinikinsa yake fara sallama. Akwai hanya ta uku, amma tana bukatar lissafi kafin a buɗe baki.

Mu ɗauki mai gidan burodi a Kano da ke sarin fulawa wurin wani Alhaji a Kasuwar Singa. Alkaluman da za su biyo baya na misali ne, don farashin fulawa ba ya zama wuri ɗaya. Yana ɗaukar buhu 40 mai kilo 50 duk mako, kowanne a kan naira 60,000. Alhaji ne ke kai masa kayan har ƙofar gidan burodi, kuma yana ɗaga masa ƙafa mako biyu kafin ya biya. Sai ga saƙo: buhu ya koma 66,000.

Kada ya amsa a ranar, in ban da ya ce ya ga saƙo kuma zai shigo kasuwa. Aikinsa na farko a kan takarda yake. Ƙarin 6,000 a buhu 40 ya zama 240,000 a mako. In ribarsa a kowane buhu, bayan sukari da bota da yis da itace da kuɗin ma'aikata, 8,000 ce, to ƙarin ya cinye kashi uku cikin huɗu nata. In kuma buhu yana ba shi burodi 100, sai ya ɗora naira 60 a kan kowanne kafin ya koma inda yake, alhali masu shayi da masu shago da ke ɗauka a wurinsa ba za su karɓi wannan a dare ɗaya ba. Daga nan zai san iyakarsa. A ce ya ga zai iya ɗaukar 4,000, rabi daga ribarsa, rabi daga ƙarin naira 20 a kan burodi. Wannan adadin a cikinsa zai bar shi. Da shi zai san lokacin da ya kamata ya ce ya yarda, da lokacin da ya kamata ya nemi a ba shi kwana biyu.

Aiki na biyu shi ne gano abin da ke cikin 6,000 ɗin, domin ƙarin kuɗi ba dunƙule ɗaya ba ne. Wani ɓangare daga kamfani ya zo, kuma wannan ba a hannun Alhaji yake ba. Kiran waya biyu zuwa uku ga wasu masu burodi, da tambayar farashi a shagunan da ke kusa, ya isa ya nuna nawa kamfani ya ƙara. A misalinmu, a ce 3,500 ne. Kuɗin mota da dako sun ƙara 500 a buhu. Saura 2,000. Ina suka fito?

A nan masu saye da yawa ke yi wa dila mummunar fahimta, su ce haɗama ce. Wani lokacin ita ce. Amma sau da yawa kuɗin bashi ne. Dilan da ya ba da buhu 40 yau, aka biya shi bayan mako biyu, in kamfani ya sake ƙara kuɗi a tsakani, abin da ya karɓa ba zai saya masa buhu 40 ba. Jarinsa ya ragu ko da littafinsa ya nuna riba. Shi ya sa yake sa farashi da abin da zai biya gobe a zuciyarsa, ba abin da ya biya jiya ba. Shi ya sa kuma maganar nan da ake yawan yi, “Ai tsohon kaya ne a sitonka,” ba ta cin nasara a Singa. Ta nuna kana zarginsa, kuma ba ta taɓa abin da ke damunsa ba. Wanda ya gane haka ya san inda zai taya: ba zai yi jayayya a kan kuɗin kamfani ba, zai nemi ragi a kan 2,500 ɗin da shi kansa zai iya taimakawa a rage.

Sai zuwa kasuwa. Lokaci da wuri suna da nasu tasiri. Ba a yin wannan magana da hantsi ana tsakiyar lodi, kuma ba a yinta a gaban yaran shago da sauran masu saye. In Alhaji ya rage maka kowa na ji, ya rage wa kowa ke nan, don haka dole ya ce albarka ko da a ransa yana son ya sassauta. A bari sai an idar da La'asar, kasuwa ta lafa, a ce, “Alhaji, in ka samu sarari ina son mu ɗan keɓe.” Abu ɗaya kuma ba a tsallake shi: in akwai tsohon bashin da lokacinsa ya wuce, a biya shi tukuna. Mai roƙon ragi da bashin da ya makara a wuyansa yana ƙara tabbatar wa dila dalilin ƙarin ne kawai.

Bayan an gaisa, an tambayi iyali da kasuwa, maganar za ta iya tafiya haka:

“Alhaji, na ga saƙonka. Na san ba daga gare ka abin ya faro ba, na ji kamfani ya ƙara, kuma ban manta da irin haƙurin da kake yi da ni ba. Amma gaskiya 66,000 ba za ta fitar da ni ba. Na zauna na buga lissafi, in na ɗauka a haka sai dai in rage ƙwaɓi, ni kuma ba na son in rage abin da nake ɗauka a wurinka. Ga abin da nake roƙo. Abin da kamfani ya ƙara na ɗauka, ya zama 63,500. Kayan kuma ni zan riƙa turo mota ta ɗauka, ka huta da wannan. Kuɗi kuwa, maimakon mako biyu, zan ba da rabi ranar lodi, rabi in cika cikin kwana bakwai. Mu tafi a haka wata guda, sai mu sake zama.”

A lura da abin da ke ciki. Ya ƙi a fili, sau ɗaya, bai yi ta kewaye-kewaye ba, don Alhaji bai kamata ya tashi yana tunanin an amince ba. Ya jingina ƙin da lissafinsa, bai taɓa gaskiyar Alhaji ba. Kuma kowane ragi da ya nema ya zo da abin da zai bayar a madadinsa. Bai ambaci wani dila ba. Alhaji ya fi shi sanin cewa shaguna sun cika Singa, kuma da zarar an ce “wane ya ce zai ba ni a ƙasa da haka,” hira ta tashi daga ciniki ta koma ta girman kai. Amsar da aka saba samu ita ce, “To Allah ya ba da sa'a, je ka ɗauka a can.”

Da wuya Alhaji ya sallama a tayin farko. Zai iya cewa 65,000, a ja, a tsaya a 64,000. Wannan ya yi daidai da iyakar da mai burodi ya sa wa kansa, sai dai kada ya manta cewa kuɗin mota yanzu a kansa yake. In hayar mota da dako za su ci 500 a buhu, ainihin farashinsa 64,500 ne, kuma abin da ya tsira da shi 1,500 ne a buhu, wato 60,000 a mako. In kuwa yana da motar rarraba burodi da ke dawowa wayam ta kusa da kasuwa, kusan duka 2,000 ɗin nasa ne. Wanda ba shi da mota gara ya bar jigilar a hannun Alhaji, ya tsaya a kan maganar biya.

Ita ma maganar biya tana da nauyin da ba a gani sai an fara. A da yana cin gajiyar fulawar mako biyu kafin ya fitar da ko sisi. Yanzu ranar lodi sai ya ajiye 1,280,000, ga kuma bashin tsohon tsari da bai gama biya ba. Makonni biyun farko su ne masu wuya, don biyan tsoho da na sabo za su haɗu. Ya kamata a faɗi wannan a zaman, a yanka ranar da za a rufe tsohon lissafi. Wanda ya yi alkawarin kwana bakwai ya kai goma sha biyu ya yi asarar ragin, ya kuma zubar da abin da ya fi ragin daraja, domin nan gaba ko gaskiya ya faɗa Alhaji zai saurare shi da kunne ɗaya. A ganina ragin 1,000 da mutum zai iya cika sharaɗinsa ya fi na 2,500 da zai sa shi ɓuya in waya ta yi ƙara.

Da an tashi, a rubuta. Wasu na jin kunyar haka, wai kamar rashin yarda ne, alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Gajeren saƙon waya ya wadatar: godiya, sannan farashi, yawan buhu, sunan fulawar, ranakun biya da ranar da za a sake zama. Sunan fulawar ba ƙaramin abu ba ne. Dilan da ya amsa don kunya, ba don ya gamsu ba, ba zai ce ya fasa ba, a kaya za ka gani. Sai a fara cewa irin wadda ka saba ta ƙare, ga wata, ko ka nemi 40 a ce 25 suka rage alhali kana ganin ana yi wa wani lodi. Mai ƙwaɓi shi zai fara ganewa, don fulawar da ba ta kai ba ba ta shan ruwa kamar waccan, burodin da buhu ke bayarwa sai ya ragu. In haka ta faru sau biyu a jere, farashin ya matse Alhaji ne, kuma gara a koma a ƙara masa wani abu da a yi ta zargin yaran shago.

Akwai kuma ranar da Alhaji zai ce wallahi babu wurin ragi, kuma gaskiyarsa ne, musamman in kamfani ya rage abin da yake ba diloli. A nan sai a nemi sauƙi ta wata fuska: lodin wannan makon ya tafi a tsohon farashi, ko ƙarin ya shigo kashi biyu, 3,000 yanzu, 3,000 bayan mako biyu, don mai burodi ya samu sanar da masu shayi. In wannan ma bai samu ba, kuma ya ga lallai sai ya gwada wani wuri, ya faɗa da bakinsa kafin Alhaji ya ji a bakin 'yan dako: “Alhaji, ƙarfina ya ragu, zan riƙa ɗaukar 30 a wurinka, sauran in lallaɓa.” Sannan ya riƙa biyan kuɗin 30 ɗin a ranar da aka yanka.