Zafin Dutsen Guga: Abin da Auduga Ke So, Roba Ba Ta Jure Masa

Duk wanda ya taɓa ɗaga baƙin wando ya ga bakin aljihu da layin ɗinki suna wani ƙyalli da ba a saye shi da shi ba, ya ga aikin dutsen guga. Sau da yawa akan ɗora laifin a kan yadi, a ce ba mai kyau ba ne, alhali zafin da aka ba shi ne ya fi ƙarfinsa. Yawancinmu zafi ɗaya muke bai wa kowane kaya, musamman idan an kawo wuta ana sauri kafin a ɗauke: a murɗa dutse har ƙarshe, a bi shadda da abaya da kayan makarantar yara a jere.

A jikin 'yar takardar da ake ɗinkawa cikin tufafin kanti akwai hoton dutsen guga da ɗigo a cikinsa. Ɗigo ɗaya na nufin kada zafi ya wuce kimanin digiri 110 a ma'aunin Salshiyas, biyu kimanin 150, uku kimanin 200. Idan an soke hoton da layi biyu, ba a goge kayan sam. Waɗannan ɗigogin ne a jikin mamurɗin yawancin duwatsun lantarki.

Auduga da lilin su ne 'yan ɗigo uku. Dukansu daga tsiro suke, ba sa narkewa, kuma ba zafi kaɗai ke miƙe su ba, sai da damshi. Lilin ya fi taurin kai. Idan ya bushe ƙarau, ko sau nawa aka bi shi, tamojin ba ya fita, sai mutum ya yi ta danna dutse wuri ɗaya har ya babbake shi. Shi ya sa gogaggun masu wanki da guga ke yayyafa ruwa su naɗe kayan su ajiye ɗan lokaci, damshin ya ratsa ko'ina kafin su fara. Siliki na gaske kuwa yana son zafi kaɗan, tsakanin ɗigo ɗaya da biyu, a goge shi ta ciki yana da sauran sanyin wanki. Kada a fesa masa ruwa bayan ya bushe, domin kowane ɗigon ruwa na iya barin shaida.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne foliyesta, wanda 'yan kasuwa ke kira yadi mai roba. Roba ce kuwa, dangin wadda ake yin gorar ruwa da ita. Sai zafi ya kai wajen digiri 250 take narkewa gaba ɗaya, amma tun nesa da nan zaren ya fara laushi. Idan aka danne shi yana da laushi, sai ya baje ya daskare a haka, ya zama sumul yana mayar da haske. Ƙyallin ke nan. Abin da ya sa ya fi fitowa a bakin aljihu, kalmasa da wuyan riga shi ne a nan yadi ya ninku, nauyin dutse duka ya tattaru a kan tudun. Yana kuma fin bayyana a kan baƙi da shuɗi mai duhu.

Matsalarmu ita ce kayan da tela ya ɗinka ba su da takarda. To yaya za a gane? A zaro ɗan zare daga ragowar yadin ko daga cikin kalmasa, a riƙe da ɗan ƙarfe, a kusantar da shi ga ashana a kan faranti. Auduga da lilin suna ci da wuta da warin ƙonanniyar takarda, su bar toka mai laushi. Siliki warin ƙonannen gashi yake yi, abin da ya rage kuma yana murƙushewa a yatsa. Roba kuwa tana janyewa daga wuta, ta dunƙule ta zama ɗan ƙwallo mai tauri. Idan aka ga toka da ɗan ƙwallo tare, yadin gauraye ne, kuma da yawa daga yadukan kaftani da atamfa masu araha haka suke. Ƙa'idar gauraye ɗaya ce: a bi zaren da ya fi rauni.

Mu ɗauki kaftani shuɗi mai duhu, yadi gauraye, da aikin zare a wuya. A juya shi ciki waje, a sa dutse a ɗigo biyu, a jira fitilarsa ta mutu, domin a hawan farko yakan ɗan zarce zafin da aka sa masa. A gwada a cikin kalmasar ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Idan dutsen yana tafiya sumul, a ci gaba. Idan yana ɗan riƙewa ko ana jin warin leda, a rage zafi a dakata. Wurin aikin wuya, a shimfiɗa tawul a kifa aikin a kai, a goge ta baya. Zaren ado sau da yawa ya fi yadin rauni, kuma tawul zai hana aikin kwanciya. Idan za a fitar da karin hannu ko na wando ta fuska, a shimfiɗa farin ƙyallen auduga mai ɗan damshi tsakanin dutse da yadi, a riƙa ɗorawa ana ɗagawa maimakon gogawa da ƙarfi. A ganina wannan ƙyalle ya fi duk wani dutse mai tsada amfani, kuma tsohuwar rigar matashin kai ma ta wadatar.

Idan kayan da yawa, a fara da masu roba da siliki, a ƙare da auduga da lilin. Dutse yana saurin ɗaukar zafi amma yana jinkirin hucewa, kuma murɗa shi baya ba ya nufin ya huce nan take. Mai dutsen gawayi, da ba shi da mamurɗi, sai ya riƙa gwadawa a kan tsumma fari, ya kashe kaifin zafin a kan jiƙaƙƙen ƙyalle kafin ya taɓa kaya masu rauni.

Ƙuna daban take da ƙyalli. Auduga tana fara yin rawaya-rawaya, sannan ruwan ƙasa. Sitaci da sabulun da ba a ɗauraye sosai ba suna riga yadin ƙonewa, don haka sau da yawa tabon da aka gani a farar shadda nasu ne, kuma sake wanki nan da nan yakan fitar da shi. Idan ya ƙi, a farin kayan auduga kaɗai, ana iya ɗiga ruwan haidurojin na kashi 3 cikin ɗari da ake sayarwa a kemis, a bar shi ɗan lokaci a ɗauraye. Kada a gwada shi a kan kaya masu launi ko siliki. Tabon da ya yi duhu kuwa zaren ne ya ƙone, kuma wurin ne zai fara yagewa.

Ƙyalli mara tsanani yakan ragu idan aka ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle, aka ba shi tururi ba tare da dannawa ba, sannan aka bi shi da buroshi mai laushi. Amma idan an shafa wurin aka ji ya yi tauri, robar ta riga ta narke, babu wankin da zai dawo da ita. Kafin a ba mai guga sabon ɗinki, a gaya masa ko yadin na da roba, a kuma nemi ya goge shi ta ciki.