Tambayoyi Biyar Kafin Ka Ce "A Rubuta Mini"

Masu shagunan buga takardu da sakatarorin ƙungiyoyi sun saba da wani irin saƙo da ke shigo musu ta WhatsApp: "Salam, don Allah a rubuta mana wani abu kan taron iyaye, ana so gobe." Mai saƙon yana ganin ya gama bayani, domin shi ya kwana da maganar taron ya tashi da ita. Wanda aka aika wa kuwa bai san komai ba sai waɗannan kalmomi. Ko dai ya yi ta bugo waya yana tambaya, ko ya cike giɓin da hasashe. Na biyun ya fi yawa, musamman idan mai saƙon babba ne, domin kunya kan hana ƙarami ya ce wa na gaba da shi, "Ranka ya daɗe, ban gane ba."

Maganin abin tambayoyi biyar ne da mutum zai yi wa kansa kafin ya tura saƙo. Wane aiki nake so? Da me za a yi shi? Wa zai karanta? Yaya tsawonsa? A wace siffa zai dawo mini? Bari mu bi su da misali guda. A ce shugaban wata makarantar Islamiyya mai ɗalibai 240 ne yake son a kira iyaye kan ƙarin kuɗin makaranta, daga naira 3,000 zuwa 4,000 a zango.

Aikin shi ne farko, kuma "a rubuta wani abu" ba aiki ba ne. Shin gayyata ce don a zo a tattauna ƙarin, ko sanarwa ce cewa an riga an yanke hukunci? Takardu biyu ne daban. Idan marubuci ya zaɓi ta biyu alhali ta farko ake nufi, iyaye za su shigo taro da fushi, suna cewa an gama magana a bayan idonsu. Saboda haka shugaban ya faɗi aikin ƙarara: a gayyata, a sanar, a tunatar ko a nemi taimako.

Tambaya ta biyu ce ta fi ka da mutane, ni kuma ita nake ganin ta fi kowace nauyi. Marubuci yana iya gyara jimla, amma ba ya iya ƙirƙiro ranar taro. Sai an ba shi rana da kwanan wata tare, lokaci, wuri, tsohon kuɗi da sabo, dalilin ƙarin, sunan mai sa hannu da muƙaminsa. A duba kalanda kafin a tura, domin "Asabar, 14 ga wata" da ta faɗo ranar Lahadi ta isa ta raba taro gida biyu. Idan ana amfani da watan Musulunci, a faɗi ko shi kaɗai za a sa ko tare da na boko. "Bayan La'asar" ya wadatar ga 'yan unguwa, amma uban da zai taso daga wurin aiki yana son a ce masa ƙarfe 4:30. Sunaye da alƙaluma a rubuta su da hannu, kada a bar su cikin saƙon murya, inda Hassan da Hussaini ko sha biyar da hamsin ke iya rikiɗewa a kunnen mai sauraro cikin hayaniyar janareta. Idan akwai takardar bara da aka ji daɗinta, a haɗa da ita; ta fi dogon bayani amfani. Tambarin makaranta kuma a tura shi ta hanyar Document, domin WhatsApp yana matse hoton da aka aika ta hanyar da aka saba, sai ya fito dishi-dishi a takarda.

Akwai kuma abin da bai kamata a tura ba. Jerin sunayen iyayen da ake bin su bashi ba shi da aiki a wasiƙar gayyata, kuma kwamfutar shago hannaye da yawa ke taɓa ta.

Ana gane an gaza a wannan tambaya da zarar aikin ya dawo. Za ka ga doguwar gaisuwa, da sakin layi biyu kan muhimmancin ilimi da tarbiyya, amma babu adadin kuɗi ko ɗaya. Ba ragwantar marubuci ba ce. Abin da aka ba shi ke nan, sai ya cika shafi da abin da ba zai zama kuskure ba.

Sai masu karatu. Takardar da za ta je ofishin ilimi na ƙaramar hukuma tana buƙatar Turanci da tsarin wasiƙar ofis, in a Maraɗi ko Damagaram ne kuma Faransanci. Wadda yara za su kai gida kuwa Hausa ce mai sauƙi, kuma a gidaje da yawa yaron ne da kansa zai karanta wa mahaifiyarsa da babbar murya. Wannan kaɗai ya isa ya sauya rubutun: gajerun jimloli, rana da wuri a sama, ba a binne su a ƙasa ba. A wasu unguwanni ma iyaye sun fi sakewa da ajami fiye da boko, kuma mai shago ba zai san haka ba sai an faɗa masa.

Tsawo a ba shi adadi. "Kada ya yi yawa" yana nufin layi biyar ga wani, shafi biyu ga wani. A ce rabin shafi, ko kalmomi 100. Idan a rediyo za a karanta, a ce daƙiƙa 60, a kuma karanta da agogo a hannu kafin a kai. Idan saƙon tes ne, guda ɗaya yana ɗaukar haruffa 160 har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, amma da zarar an sa harafi mai ƙugiya irin ƙ, ɗ ko ɓ, sai adadin ya faɗo zuwa 70. Saƙon da aka yi lissafinsa a matsayin ɗaya sai ya koma uku, kuɗin aikawa ga iyaye 240 ya ninka haka.

Siffa ba ta da wuya, mantawa kawai ake yi. Idan za a buga, a faɗi girman takarda. A5 rabin A4 ce, don haka gayyata 240 za ta ci falle 120 kacal idan an jera biyu a shafi. Idan shugaban zai so ya gyara da kansa, ya nemi fayil na Word. Idan aiki ya kammala za a kai wani wuri a buga, PDF ya fi, domin a wata kwamfutar haruffan nan masu ƙugiya kan koma akwatuna ko alamar tambaya.

Ga yadda saƙon shugaban zai kasance bayan ya bi tambayoyin: "Malam, barka da yamma. Ina son wasiƙar gayyatar iyaye su zo mu tattauna shawarar ƙarin kuɗin zango daga naira 3,000 zuwa 4,000 saboda albashin malamai. Ba a yanke hukunci ba tukuna. Asabar, 14 ga wata, ƙarfe 4:30 na yamma, a harabar makaranta. Ni zan sa hannu. Da Hausa mai sauƙi, domin yara ne za su karanta a gida. Kada ta wuce kalmomi 100. Girman A5, biyu a shafi, kwafi 240. Ka turo mini PDF in duba kafin a buga. Ga tambari da wasiƙar bara."

Wanda ya shekara goma da sakatarensa ba sai ya maimaita duka biyar kullum ba, domin sabo ya amsa wasu. Amma kayan aikin, wato rana da adadi da suna, sabo ba ya amsa su. Haka kuma tambayoyin ba su ɗauke maka nauyin dubawa ba. Idan samfurin ya dawo, ka ɗora yatsa kan kowane kwanan wata da kowane adadi, ka gwada da abin da ka tura, sannan ka ce a buga.