Yadda za ka faɗi ragonka na Layya mai saye ya yarda da maganarka

Ɗan'uwa mai turka, kowace shekara idan watan Layya ya gabato, magana ɗaya ake ji a kasuwannin bisashe, daga Dogon Dutsi da Matankari har Tibiri, Dumega da Kore Mairuwa: "Rago lafiyayye, ƙato, sai wanda ya gani." Kowa haka yake cewa, mai ragon kirki da mai ragon da aka ɗura ma ruwan kanwa da safe. Tun da bakin kowa ɗaya ne, mai saye ya daina jin wannan magana. Shi ya sa yake taya ragonka na wata ukku a turke kamar yadda zai taya na kan hanya.

Yanzu kuma ciniki da yawa ana yin shi ba a ga juna ba. Ma'aikaci yana Yamai ko Doso, ya aiko da saƙo ta waya, a tura mashi hoto, ya turo kuɗi. Wanga mutum ba ya iya taɓa gadon bayan rago, ba ya iya buɗe bakinshi. Maganarka kaɗai yake saye. To, maganar da ake yarda da ita ita ce wadda mutum zai iya bincikawa da kanshi: rana, lamba, sunan magani, sunan wuri. Abin da ba a iya aunawa, kamar "ƙato" ko "garau", bar ma dillalai shi.

Lafiya: faɗi abin da aka yi da ranar da aka yi shi

Ba wanda ke iya rantsuwa cewa dabba ba ta ɗauke da cuta, ko mu ma'aikatan kiwo. Ga dalili. Annobar tumaki da awaki da muke kira PPR takan yi kwana 4 zuwa 6 cikin jikin dabba kafin ta nuna. Rago zai iya kwasar ta ranar kasuwa, ya yi kwana ukku yana ci yana tuƙa lafiya lau, sai ya isa gidan mai saye zazzaɓi ya taso, majina da kwantsa su biyo, baki ya yi miki, zawo ya ɓarke. Mai saye zai ce an cuce shi, kai kuma ka ce lafiyayye ka ba da. Ku duka biyu gaskiya kuka faɗa, amma shekara mai zuwa ba zai neme ka ba.

Don haka kalma ta farko da ke da daraja ita ce tsawon zaman ragon a hannunka. "Kwana 90 yana turke a gidana, bai shiga kasuwa ba, bai gauraya da baƙin bisashe ba" ta fi "lafiyayye" sau goma. In kuwa makon jiya ka sayo shi, faɗi haka nan. Mai saye zai san abin da ya ɗauka.

Na biyu, rigakafi. Kada ka ce "an yi mashi allura" ka tsaya nan, don allura iri-iri ce. Ka ce ta PPR ce, ka faɗi watan da aka yi ta, kuma ma'aikacin kiwo na wane gari ya yi. Allurar PPR sau ɗaya tana kare dabba aƙalla shekara 3, amma sai ta yi mako biyu zuwa ukku kafin ta kama jiki. Wadda aka yi jiya ba ta kare rago a motar gobe. In akwai takarda, ɗauki hotonta tare da ragon. In an yi mashi ƴar alamar rigakafi a kunne, faɗa tun farko, kada mutum ya gani ranar yanka hankalinshi ya tashi.

Na ukku shi ne wanda masu turka ba su son faɗi, ni kuwa a ganina shi ya fi jawo yarda: magani na ƙarshe da aka ba ragon. Kowane magani yana da kwanakin da ake jira kafin a ci naman, an rubuta su jikin kwalba. Allurar oksitetarasikilin mai daɗewa a jiki, wadda ake yawan yi ma rago mai tari, tana buƙatar mako ukku zuwa huɗu. Allurar ibamaktin ta tsutsa da ƙazuwa ita ma sai wata guda ko fiye. Ragon da aka soka ma irin wannan allura kwana biyar kafin Salla, iyalin mai saye za su ci maganin cikin nama, wurin allurar kuma yakan yi ƙullutu a cinya. Mai turka da ya san aikinshi yana gama maganin tsutsa tun farkon turka, ya iya cewa: "Magani na ƙarshe ranar kaza, yau kwana 60."

Sauran abin da ya shafi ingancin layya, nuna shi a hoto. Malamanmu na mazhabar Malikiyya suna cewa rago ya cika shekara, kada ya zama mai ido ɗaya, ko gurgu, ko mai ciwo bayyananne, ko ramamme. Suna kuma duba yawan abin da aka yanke na kunne da wutsiya, da ƙahon da ya karye yana jini. Hukunci nasu ne. Naka shi ne ka buɗe bakin ragon ka ɗauki hoton haƙora. Manyan haƙora biyu na tsakiya suna fitowa tsakanin wata 12 da wata 18, huɗu kuma wajen shekara biyu. "Haƙori biyu" magana ce da kowa zai iya tabbatarwa. A ƙara da ɗan bidiyo yana tafiya, a ga ƙafafu huɗu da idanu biyu.

Nauyi: kilo nawa, yaushe, da me

Rago yana da nauyi biyu a yini ɗaya. Wanda ya cika tumbi da dusa da ruwa zai iya ɗara nauyinshi na safe da kilo 3 ko 4. Nan ne masu ɗura ke cin kasuwa, nan ne kuma rigima ke tashi. Kai ka auna da sassafe, kafin a ba shi ci da sha, kuma ka faɗi hakan cikin tallarka.

In kana da sikeli mai ƙugiya irin na masu sayen wake, a rataye rago cikin buhu da aka huda ma ƙafafu, shi ke nan. In babu, ari igiyar awo ta tela. Rago ya tsaya daidai a wuri mai baje. Zagaya ƙirjinshi dab da bayan ƙafafun gaba, igiya ta kwanta jikin fata ba tare da matsewa ba. Sannan auna tsawo daga tsinin kafaɗa zuwa ƙashin da ke gefen gindin wutsiya. Lissafin shi ne: faɗin ƙirji sau faɗin ƙirji sau tsawo, a raba da 10840.

Mu ɗauki balami mai ƙirji santimita 90 da tsawo santimita 75. 90 sau 90 ya ba da 8100. Sau 75 ya zama 607500. A raba da 10840, ya kama kilo 56. Amma igiya ba sikeli ba ce, tana iya kuskure da kashi ɗaya cikin goma, sama ko ƙasa. Don haka kada ka ce "kilo 56 cif". Ka ce: "ƙirji 90, na auna da igiya, wajen kilo 50 zuwa 62." Lambar ƙirji ita ce babbar shaidarka, don ko ragon ya rame kaɗan a hanya, mai saye zai sa tashi igiyar ya iske kusan abin da ka faɗa.

Abu ɗaya kuma, ka bayyana cewa nauyin mai rai kake nufi. Mutanen birni da dama in sun ji kilo 56 sai su zaci nama. Bayan an fiɗe, an cire kai, ƙafafu, fata da kayan ciki, abin da ke saura bai cika kai rabi ba, wato wajen kilo 26 zuwa 28.

Kaiwa: nan alkawari ya fi karyewa

"Zan aiko kafin Salla" ba rana ba ce. Layya ranar 10 ga Zulhajji take, kuma sai an ga wata ake sanin ranar. Ku yanke magana da kwanan watan Musulunci: "zai iso 6 ga wata, in an yi latti 7." Kwana ukku kafin yanka sun isa rago ya huta ya dawo da abin da ya zubar a mota. Daga Dogon Dutsi zuwa Yamai ya fi kilomita 270 ta Doso, kuma a shekarun nan Layya tana faɗowa cikin zafi. Ta 2025 farkon watan Yuni aka yi ta. Rago mai ƙiba da aka ɗaure bisa kan mota da tsakar rana shi ne farkon wanda zafi ke kayarwa. A loda da yamma ko da asuba, a shayar da shi kafin tashi, kada a cika mashi ciki da dusa. Gaya ma mai saye tun wuri cewa zai iske ya rage kilo 2 ko 3.

Kada kuma ka yi alkawarin abin da ba ya hannunka. A watan Mayu na 2025 hukuma ta hana fitar da bisashe waje gabanin Layya. Wanda ya karɓi kuɗin mutumin Kamba ko Argungu bai tambayi halin da iyaka take ciki ba, ya ɗaure kanshi. Ko cikin ƙasa, ka biya ta ma'aikatar kiwo a duba ragon a ba ka takardar lafiya ta tafiya.

Tambayar da kowa ke gudu ita ce: in ya mutu a hanya, asarar wa? A faɗe ta kafin a karɓi ko dala. Ko dai taka ce har ya isa tasha, kuɗin mota cikin farashi, ko ta mai saye ce daga lokacin da aka loda gaban wakilinshi. Duk wadda kuka zaɓa daidai ne, muddin an faɗa gaban shaidu biyu ko cikin saƙon da ba a goge ba.

Ga yadda tallar ragon nan namu za ta kasance, a rediyon gari ko a saƙon murya:

"Balami fari, haƙori biyu, lamba 4 da shuɗin fenti a baya. Kwana 90 a turke da harawa da dusa, bai shiga kasuwa ba. An yi mashi rigakafin PPR wata biyar da suka wuce, da takarda. Magani na ƙarshe na tsutsa ne, yau kwana 60. Ƙirji santimita 90, awon safe, wajen kilo 50 zuwa 62 mai rai. Kuɗi jaka 150 har da mota. A ba da jaka 50 kafin alƙalami, saura in ya iso. Zai iso tashar Yamai 6 ga watan Layya, in an yi latti 7. In ya mutu ko ya karye kafin ya shiga hannunka, in musanya ko in maida kuɗinka."

Lambar fentin nan kada ka raina ta. Fararen raguna goma cikin mota ɗaya duk kama suke, kuma musanya a tasha ba sabon abu ba ne. Ranar lodi, ɗauki hoton ragon da lambarshi tare da lambar motar, ka tura ma mai saye da lambar wayar direba. Ka haɗa mashi da daurin harawa ɗaya da ɗan dusar da ragon ya saba ci, ka kuma gargaɗe shi kada yara su zuba mashi gero ko tuwon da ya kwana don murna. Rago da ya ci hatsi da yawa bai saba ba, cikinshi kan yi tsami ya kwanta cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma kai za a kira a ce ka saida mai ciwo.