Sanarwar Tunatarwa Kan Rajistar Zaɓe: Abin da Take Ɗauke da Shi da Abin da Take Gujewa

Sanarwar tunatarwa kan rajistar masu zaɓe gajeren saƙo ne da ƙungiyoyin farar hula ke fitarwa duk lokacin da hukumar zaɓe ta Nijeriya, INEC, ta buɗe rajista. Ana jin ta a rediyo, ana ganin ta manne a bangon kasuwa, wani lokaci kuma sanƙira ne ke shelanta ta a unguwa. Ƙungiyar ba ta yi wa kowa rajista, domin wannan hurumin hukuma ne. Nata aikin shi ne ta faɗa wa mutum ko ya cancanta, ina zai je, kuma yaushe za a rufe.

Wanda ya cancanta shi ne ɗan Nijeriya da ya cika shekara 18, wanda bai taɓa yin rajista ba. Zai je ofishin INEC na ƙaramar hukumarsa da kansa, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, ba tare da ya biya ko kwabo ba. Ranar rufewa tana da nauyi, don dokar zaɓe ta 2022 ta ce a dakatar da rajista aƙalla kwana 90 kafin zaɓe, kuma a aikace hukumar kan rufe tun kafin nan. Rajistar da ta gabaci zaɓen 2023 an fara ta a watan Yunin 2021, aka rufe ranar 31 ga Yulin 2022, wata bakwai kafin a kaɗa ƙuri'a.

Inda sanarwa mai kyau ta fi amfani shi ne wajen hana mutane yin abin da bai kamata ba. A ɗauki misalin ɗalibar da ta yi rajista tana karatu a Zariya, daga baya aure ya kai ta Kano. Ta ji ana shelar a fito a yi rajista, sai ta bi layi ta sake yin sabuwa. Na'urar hukumar tana gwada zanen yatsu da fuska, za ta gano cewa sunan ya shiga sau biyu, a soke sabuwar rajistar, ga shi kuma yin rajista sau biyu laifi ne a doka. Abin da ya dace da ita shi ne neman sauyin rumfar zaɓe zuwa inda take zaune yanzu. Haka wanda katinsa ya ɓata ko ya lalace, sake katin zai nema kawai. Tsohon kati ba ya daina aiki don ya daɗe. Wannan kuskure ba ƙarami ba ne: cikin sababbin rajista sama da miliyan 12 da aka yi a zagayen 2021 zuwa 2022, hukumar ta soke kusan miliyan 2.8, galibi saboda maimaici. Saƙon da ya tsaya a "ku fito ku yi rajista" yana da hannu a wannan asara.

Akwai kuma waɗanda suka cike fom ta waya suka ɗauka an gama. Ba a gama ba sai an je an ɗauki yatsu, sannan a koma a karɓi katin idan ya fito. Kafin zaɓen 2023 sunaye sama da miliyan 93 ne a kundin, amma katuna miliyoyi suka rage a ofisoshi ba a karɓa ba.

Batun rashin ɓangaranci ya fi wuya fiye da yadda ake zato. Cire sunan ɗan takara abu ne mai sauƙi, amma siyasa kan leƙo ta wasu kafofi. Hoton lema, ko tsintsiya, ko kwandon kayan marmari ya riga ya zama tambarin jam'iyya. Kalma irin "canji" ko "ɗorewa" tana nuna inda mai magana ya karkata ko da bai ambaci kowa ba. Jimlar da ke cewa a yi rajista don a kori azzalumai, ko don a kare addini ko yanki, kamfen ce da ta sa rigar wayar da kai. Hatta wurin da aka kai saƙon yana magana, domin ƙungiyar da ta mamaye wasu unguwanni da shela ta tsallake wasu ta riga ta zaɓi ɓangare. Ma'auni mafi sauƙi shi ne ko magoya bayan jam'iyyu biyu masu hamayya za su iya karanta saƙon a taronsu ba tare da sun canza kalma ɗaya ba.

Mai karatu na iya gane ta jabu da wuri. Sanarwar gaskiya tana ɗauke da sunan ƙungiyar da ta fitar da ita, tana kuma tura mutum ofishin INEC. Wadda ta nemi kuɗin fom, ko lambar kati, ko lambar asusun banki, ko ta ce a kawo katuna a ajiye don samun tallafi, ba ta wayar da kai ba ce. Katin zaɓe yana zama a hannun mai shi, kuma saye ko sayar da shi laifi ne a dokar Nijeriya.