Labarin da Kansa Ya Ɓuya a Sakin Layi na Bakwai

Ranar Litinin 29 ga Mayu, 2023, aka rantsar da Bola Ahmed Tinubu a Dandalin Eagle da ke Abuja. An yi fareti, an harba bindigogin ban girma, shugabannin ƙasashen Afirka sun cika rumfa. Amma kafin magariba, direban tasi a Kano ba ya zancen ko ɗaya daga cikin waɗannan. Layi ya fara tsawo a gidajen mai, wasu ma sun rufe ƙofa, saboda 'yar magana guda da sabon shugaban ya yi a tsakiyar jawabinsa, cewa tallafin man fetur ya kau.

A ɗauka wani sabon wakili ne aka tura wurin bikin. Abin da zai miƙa wa edita kusan sananne ne tun kafin a karanta. Zai fara da yadda baƙi suka yi ta isowa tun da safe, ya kawo zuwan Muhammadu Buhari, ya faɗi yadda Alƙalin Alƙalai Olukayode Ariwoola ya fara rantsar da Kashim Shettima, sannan Tinubu. Daga nan sai jawabi, daki-daki: godiya, tsaro, noma, wutar lantarki. Zancen tallafi sai can a sakin layi na bakwai. Babu ƙarya ko ɗaya a cikin rubutun nan. Aibinsa kawai shi ne ya bi agogo, abin da ya fara faruwa shi ya fara faɗa.

Ba laifinsa ba ne sosai. Haka kowa ya tashi yana ba da labari, daga tatsuniya har zuwa bayanin yadda aka yi rigima a kasuwa, kuma Bahaushe ba ya faɗin abin da ke tafe da shi sai an gama gaisuwa. Sai dai mai karanta jarida ba ya bin kowa bashin haƙuri.

Tsarin da editoci ke mayar da irin wannan rubutu a kai shi ake kira kifaffiyar dala. Wanda ya ga hotunan dalar gyaɗa ta Kano ya san faɗinta a ƙasa yake, tsininta a sama. A labarin jarida sai a kife ta: mafi nauyin bayani a sama, mai bi masa a ƙarƙashinsa, har a sauko kan abin da ko an yar da shi ba a yi asara ba. Salon ya kafu ne a jaridun Amurka wajen ƙarshen ƙarni na 19, zamanin da ake aika labari ta wayar tangaraho. A ɗakin ɗab'i ma ya yi amfani, domin idan labari ya fi gurbin da aka ware masa, sai mai tsara shafi ya datse shi daga ƙasa ba tare da ya nemi marubucin ba.

Edita ba ya fara gyara da alƙalami. Yana karanta rubutun ne har ƙarshe, yana neman amsar tambaya ɗaya: me ya faru yau wanda mai karatu bai sani ba jiya, kuma zai taɓa rayuwarsa? A nan ne ake samun gardama a ɗakin labarai. Wani zai ce rantsar da shugaban ƙasa ai shi ne babban labari. Gaskiya ne, amma tun ranar 1 ga Maris da hukumar zaɓe ta bayyana sakamako kowa ya san wanda za a rantsar, ya kuma san ranar. Abin da ba a sani ba shi ne abin da zai faɗa. Saboda haka rantsuwar ta koma matsayin lokaci da wuri, tallafin ya hau kan gaba. Gyararren sakin layi na farko zai iya zama kamar haka:

«Shugaba Bola Tinubu ya bayyana cewa tallafin man fetur ya zo ƙarshe a Najeriya, a jawabinsa na farko bayan rantsar da shi a Abuja ranar Litinin.»

Jimla ɗaya ce, kalmominta ba su kai talatin ba, amma ta amsa wa, da me, da ina, da yaushe. Sauran tambayoyi biyu, dalili da yadda abin zai kasance, an bar su ga sakin layi na biyu da gangan. Masu koyon aiki sukan ji an ce tambayoyi shida ne, sai su cusa su duka a jimlar farko, har da sunan alƙali da jerin baƙi. Alamar wannan cuta mai sauƙi ce: a karanta jimlar da ƙarfi, idan numfashi ya ƙare kafin aya, ta yi kaya da yawa. Ma'aikatan rediyo sun fi kowa sanin haka.

A lura kuma da kalmar «ya bayyana». Da an rubuta cewa an cire tallafi daga yau, da an wuce abin da aka tabbatar a wannan rana, domin kasafin kuɗin 2023 da Buhari ya sa wa hannu ya tanadi kuɗin tallafi har zuwa ƙarshen Yuni. Ɗaga magana zuwa sama yana ƙara mata ƙarfi, don haka dole a jingina ta ga mai ita.

Sakin layi na biyu sai ya kawo hujjar shugaban, cewa kasafin da ya gada bai yi wa tallafin tanadi mai ɗorewa ba, kuma za a karkata kuɗin zuwa ilimi, lafiya da manyan ayyuka. Na uku, layukan da suka bayyana a gidajen mai. Sannan rantsuwar kanta da waɗanda suka halarta. Can ƙasa sai tarihi: a Janairun 2012 gwamnatin Goodluck Jonathan ta cire tallafi, lita ta tashi daga naira 65 zuwa kusan 141, aka yi yajin aiki da zanga-zanga, aka dawo da ita 97. Fareti shi ne na ƙarshe, in ya samu wuri.

Akwai sauran aiki da ake yawan mantawa. Idan aka ciro sakin layi na bakwai aka kai shi sama, yakan taho da igiyoyinsa: «daga nan sai», «bayan haka», «ya ƙara da cewa», alhali bai riga ya ce komai ba. Sai a tsinke su. Cikakken suna da muƙami kuma sukan maƙale a ƙasa inda aka fara ambatar mutum a tsohon rubutu, sama kuwa sai «shi» ko «alƙalin» ba tare da an san wane ne ba. Gwajin ƙarshe shi ne a rufe sakin layi na ƙasa da tafin hannu, a duba ko labarin ya tsaya da ƙafarsa, sannan a rufe na samansa, har a zo kan na farko shi kaɗai.

Salon yana da iyaka. Bai dace da tarihin rayuwar mutum ko doguwar hira ba, inda daɗin karatu ke cikin bin zance sannu a hankali. Kuma kan labari ba ya daɗewa. Ranar Laraba 31 ga Mayu kamfanin NNPC ya sauya farashi a gidajen mansa, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa 537 a Abuja. A labarin wannan rana sabon farashi ne ya hau sakin layi na farko, jawabin Litinin ya sauko ƙarƙashinsa.