Darasi Ga Maniyyaci: Abin Da Ake Bari Bayan An Ɗaura Harami

Ya kai ɗan'uwa maniyyaci, ka sani harami ba mayafai biyu farare ba ne kawai. Niyya ce. Da zarar ka yi ta a miƙati ka fara talbiyya, wasu abubuwan da suke halal gare ka jiya sun haramta. Ba aski, ba yanke farce, ba turare, ba kusantar iyali. Namiji ba ya sa ɗinkakken kaya, ba ya rufe kai. Ke kuma malama, kayanki na sutura sun wadatar, amma ban da niƙabi da safar hannu.

To, in ciwon kai ya matsa maka har ka yi aski fa? Hajjinka bai ɓaci ba, sai dai fidiya ta hau kanka: azumin kwana 3, ko ciyar da miskinai 6, ko yanka akuya.

Amma mai wuyar shi ne riƙe harshe. Aya ta 197 cikin Suratul Baƙara ta hana jayayya a Hajji. A Mina za a taka ka, a layin banɗaki a sha gabanka. Nan ake gane wanda ya ɗaura harami da gaske. Ka yi shiru, ka koma ga talbiyyarka.

Allah Ya sa a yi karɓaɓɓe, amin.