Nisa da Kusurwa: Hanyoyi Biyu na Faɗin Inda Abu Yake

Safiyo ya kafa na'urarsa a kan turken fili, ya hango rijiya. Abu biyu na'urar za ta ba shi: nisan rijiyar da kusurwar da take. Amma idan zai zana taswira a takarda mai layuka, tambayar da zai amsa daban ce: mita nawa zuwa gabas, mita nawa zuwa arewa? Kwatancen farko shi ne tsarin fola, na biyu kuma tsarin Kartesiyan, wanda ya samo suna daga masanin Faransa René Descartes.

A tsarin fola ana rubuta wuri da (r, θ). Harafin r shi ne nisa daga turke, θ kuma kusurwa. Masu lissafi suna fara ƙirga ta daga gabas, su juya saɓanin hannun agogo, saboda haka arewa digiri 90 ce, yamma 180, kudu 270. A ce rijiyar tana (100, 30°). Sai a ɗora ma'aunin kusurwa a kan layin gabas, a auna digiri 30, a ja layi daga turke, sannan a auna mita 100 bisa sikelin taswirar a ɗiga alama.

Mayar da wannan zuwa gabas da arewa yana buƙatar ƙa'idoji biyu: x = r cos θ da y = r sin θ. Tunda cos 30° kusan 0.866 ne, sin 30° kuwa 0.5, rijiyar tana mita 86.6 gabas da turke, mita 50 arewa. Idan kalkuleta ta ba da −0.988 a matsayin sin 30, tana kan RAD ne, sai a mayar da ita DEG.

A komowa ne ake yawan tuntuɓe. Ga bishiyar kuka mita 30 yamma da turke, mita 40 kudu, wato (−30, −40). Nisanta ba wuya: r = √(x² + y²), amsa mita 50. Kusurwa kuwa daga tan θ = y/x take fitowa, kuma kalkuleta za ta ce 53.1°. Wannan arewa maso gabas ne, alhali kukar tana kudu maso yamma. Dalili shi ne idan aka raba −40 da −30 alamun ragi biyu suna kashe juna, kalkuleta ba ta da hanyar bambance su da 40 da 30. Don haka duk lokacin da x ke ƙasa da sifiri, ana ƙara 180°. Kukar tana (50, 233.1°).

Sai a kula da masomin ƙirga. Safiyoyi da matuƙa jirage daga arewa suke farawa, su bi hannun agogo, don haka rijiyar nan a littafinsu digiri 60 take. Mai amfani da irin wannan awo zai samu gabas da sin, arewa da cos.